Ranar da Na Mayar wa Kawu da Aikinsa

Kawuna ne ya koya mini aikin kwamfuta, shi ne kuma ya kafa dokar da daga baya na tsare shi da ita. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsu, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini, a gida da ofis, ko yabo yake ko faɗa.

Ofishin namu ɗaki ne guda a bayan ginin ƙungiyar manoman rani, a gefen babban kanal tsakanin Kura da Bunkure. Sola biyu a kan rufi, fanka mai kuka, da tagar da ke shigo mana da ƙanshin albasa in iska ta juyo daga gonaki. Mu uku ne a ciki: Kawu, wanda shi ne shugaba, sai ni, sai abokin aikinmu ɗan Dawakin Kudu, mai surutu da gauraya Hausa da Turanci. Aikinmu shi ne kula da manhajar rabon ruwa. Ita ke nuna wa masu buɗe ƙofofin ruwa, a wayoyinsu, wace ƙofa za a buɗe yau, wace za a rufe, ta kuma aika wa manoma saƙo su san ranar da ruwa zai iso layinsu. Mai tumatir a ƙarshen kanal ba ruwansa da yadda muke yi. Shi dai in an ce Talata, ya ga ruwa ran Talata.

A wannan sana'a ba wanda ke taɓa uwar manhaja kai tsaye. Mai gyara yakan ware reshensa, ya yi aikinsa a can, in ya gama ya buɗe buƙatar a haɗa gyaran da uwar. Wannan buƙata ita muke ce wa PR. Sai wani ya duba gyaran layi-layi ya amince kafin a haɗa. Amma Kawu ya sa wani shinge kafin dubawar. Duk PR sai bayaninsa ya ɗauki abu biyu. Na farko lambar ishu, wato rubutaccen ƙorafin da ya jawo gyaran, inda aka faɗi mene ne matsalar, wa ya gan ta, a ina. Na biyu yadda mai gyaran ya gwada aikinsa: a wace waya, me ya danna, me ya gani, da abin da bai samu gwadawa ba. In babu ɗaya daga ciki, ba wanda zai fara dubawa.

"Mai dubawa ba boka ba ne," in ji Kawu. "In bai san ciwon ba, ta yaya zai san maganin ya dace? In bai san inda ka taka ba, ta yaya zai san inda ka tsallake?"

Ni ya ɗora wa tsaron wannan shinge, kuma ban ɓoye ba, aikin ya dace da halina. Tun ina ƙarama ba na iya ganin tabarma a karkace in wuce. Abokin aikinmu 'yar kwastan yake ce mini. Na sha mayar masa da PR saboda ya rubuta "na gwada, yana aiki" ya tsaya nan. Sai in tambaye shi, ka gwada a ina, a mafarki? Yakan nuna mini koren alamar da ke fitowa in gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta sun wuce lafiya, ni kuma in ce masa na'ura ba ta taɓa tsayawa a rana tana karanta fashasshiyar waya ba. Kawu yana gefe yana dariya, yana cewa, "Uwata, kada ki saurara masa."

A ranin da nake ba da labari, idanun Kawu sun fara tafiya. Ya daɗe da ciwon suga, kowa ya san wannan. Abin da ba a faɗa shi ne ciwon ya taɓa ganinsa. Na lura da yadda yake matso da fuskarsa jikin allon kwamfuta har numfashinsa ya taɓa gilashin. Na lura ya daina karanta saƙon waya a gaban mutane, sai ya ce zai duba anjima. Wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya kama iska a gefensa, ya yi maza ya mayar da hannun kamar ƙuda yake kora. Na gani, abokin aikinmu ya gani, muka sunkuyar da kai.

Mun san abin da yake tsoro. Shugaban aikin nan ba a ɗaki kawai yake ba. Shi ke hawa babur ɗin ƙungiya ya bi gefen kanal, ƙofa bayan ƙofa, ya tabbatar abin da waya ta ce shi ne abin da ruwa ya yi. Dattawan kwamitin ƙungiya mutanen kirki ne, kuma kirkin nasu ne abin gudun. Ranar da suka ji, za su taru su yi masa addu'a, su ce ya huta, su karɓi makullin babur cikin ladabi. Kawu kuwa shi ya gina manhajar nan tun daga layinta na farko, lokacin da ake masa dariya ana cewa ruwa ba ya jin Turanci. Bai da wani abu a duniya da yake taƙama da shi kamarta.

Wata safiya na buɗe kwamfuta na tarar da sabon PR daga gare shi. Kansa ya ce: ƙara girman haruffa da ƙarfin launi a shafin ƙofofi. Na leƙa jerin fayilolin da ya taɓa, ba su da yawa. Koren alama na nan, gwaje-gwajen na'ura sun wuce. Na gangaro wurin bayani. Inda ake sa lambar ishu babu komai. Inda ake faɗin gwaji babu komai.

Tunda nake da Kawu bai taɓa barin wuraren nan fayau ba. Shi ne mai cika su har ya gundure ka, da hoton kafin gyara da na bayan gyara. Ban ɗauki lokaci ba na gane. Shafin ƙofofi shi yake buɗewa in ya fita zagaye, a tsakiyar rana, kuma ya daina ganinsa. In zai buɗe ishu, sai ya rubuta wanda ya ga matsalar, kuma ba manomi ba ne, ba mai buɗe ƙofa ba ne. In zai faɗi gwaji, sai ya faɗi abin da idonsa ya gani da abin da bai gani ba. Ishu kuma ba sirri ba ne a wurinmu. Sakataren ƙungiya yana ganin kowanne, don ta nan yake shigar mana da koke-koken manoma, kuma duk sabon da aka buɗe sanarwa na zuwa wayarsa. Kawu ba ya ƙarya. Da ya rasa yadda zai faɗi gaskiya, sai ya bar wurin babu komai.

Ya fita zagaye a lokacin. Na juya allon na nuna wa abokin aikinmu. Ya karanta har ƙarshe.

"Ki bar shi ya wuce," ya ce. "Small change ne. Zan duba yanzu-yanzu, mu haɗa, shi ke nan."

"Da naka ne fa?"

"Ai ba nawa ba ne. Oga ne. Kawunki ne." Ya ja kujera ya matso. "To ga wata dabara. Ni zan buɗe ishun. In ce wani mai buɗe ƙofa a wajen Bunkure ya yi complain cewa rubutun ya yi ƙanana. Wa zai bincika? Kin samu lambarki, Oga ya samu sutura."

Na san don Allah ya faɗa, kuma zuciyata ta karkata. Amma ko an ƙirƙiro ishun, wurin gwaji fa? Wa zai ce ya gwada, a wace waya? Shafin nan masu buɗe ƙofofi ke dogara da shi, yawancinsu da ƙananan wayoyi masu allo kamar akwatin ashana. In ka ƙara girman haruffa, rubutu na iya tunkuɗe juna, wani ya faɗa waje. Ban san ko Kawu ya duba wannan ba, mai dubawa ma ba zai sani ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Kawu zai buɗe PR ɗinsa ya ga ishun ƙarya manne da shi, ya gane cewa mun sani, mun kuma yanke shawarar mu riƙa lallaɓa shi kamar yaro. Daga ranar, duk abin da muka amince masa ba zai san ko don ya yi kyau ne ko don tausayi ba.

Na rubuta abin da nake rubuta wa kowa, ban ƙara ba ban rage ba: "Ba a haɗa ishu ba, ba a bayyana gwaji ba. Na mayar da shi daftari har a cika, sannan a fara dubawa." Na danna. Abokin aikinmu ya girgiza kai ya ce, "Ke dai ba ki da dama," ya fita sayen rake.

Kawu ya dawo bayan azahar, ƙafafunsa duk laka. Ya zauna, ya matso da fuska jikin allo, ya daɗe a haka. Ina jin ƙarar fanka da kukan injin ban ruwa daga nesa. Da ya ɗago bai dube ni ba.

"Uwata, gyaran haruffa ne kawai."

"Na gani, Kawu."

"To?"

"Ku kuka ce ko waƙafi aka canza, a faɗi dalili, a faɗi gwaji."

"Ni na ce."

Ya rufe kwamfutarsa, ya sa hularsa, ya fita. Na ji tashin babur, na bi shi da kunne har sautin ya ɓace, ina addu'a a raina, domin hanyar gefen kanal siririya ce kuma ruwan a cike yake.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Yana zuwa, yana gaishe mu, yana aikinsa. PR ɗin na nan a daftari, ba wanda ya taɓa shi. Bai yi fushi a fili ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya daina ce mini Uwata. In zai yi mini magana sai ya fara da "af" ko "wai", ya zagaye wurin da sunan yake. Ban san kalma ɗaya na iya barin rami haka ba sai a lokacin.

Mahaifiyata ta ga alama a fuskata, ta matsa, na gaya mata muna tsinken zogale a tsakar gida. Ba ta san PR ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta saurara har na gama.

"Wato takarda ya kawo miki, kika ce bai cika ta ba."

"Haka ne, Inna."

"Ƙanena ne, na goya shi. Tun yana yaro in ƙaya ta soke shi sai ya ɓoye ƙafar har ta yi ruwa." Ta watsa ganye cikin ƙwarya. "Wanzami ba ya son jarfa. Amma ke ma da kin tausasa. Mutum na rasa idonsa, ke kina maganar doka."

Wannan magana ta soke ni, na yi kuka a ranar. Ba don na ga na yi kuskure ba. Na yi kuka ne don na ga cewa abin da ya dace da abin da ke da daɗi sun raba hanya, kuma ni aka bari a mararrabar.

Ranar kasuwar Bunkure, abokin aikinmu ya tafi gyaran waya, muka rage ni da Kawu. Ya daɗe yana buga wani abu a hankali, da yatsa biyu, shi da a da ba a ganin yatsunsa in yana rubutu. Can sai wayata ta yi ƙara. Sanarwar sabon ishu ce. Na san a daidai wannan lokaci ta shiga wayar sakatare ma.

Na buɗe. Har yau ina iya kawo shi da ka. "Matsala: rubutun shafin ƙofofi ba ya karantuwa ga mai raunin gani, musamman a rana. Wanda ya ga matsalar: ni. Ciwon suga ya taɓa idanuna, likita ya ce abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba. Abin da ake so: manyan haruffa, baƙi a kan fari."

Sannan ya koma PR ɗin ya sa lambar ishun a bayani, da kalmar da ke sa ishu ya rufe kansa in an haɗa gyara. A wurin gwaji ya rubuta: "Na gwada a kwamfutata da babbar wayata, a ɗaki da rana. Ina iya karanta sunan layi da lambar ƙofa. Ban gwada a ƙaramar waya irin ta masu buɗe ƙofa ba, domin ba na ganin allonta ko kaɗan. Mai dubawa ya gwada mini a nan." Ya fitar da shi daga daftari.

Na karanta sau biyu, haruffan suna narkewa a idona. Bai juyo ba, ya ce da allon kwamfutarsa, "Ya cika?"

"Ya cika, Kawu."

"To ki tura wa mai dubawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na sa alamar an shirya, na tura wa abokin aikinmu. Da ya dawo ya karanta, ya cire hularsa ya ajiye a tebur, bai yi Turanci ko ɗaya ba. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko tsohuwar ƙaramar wayar da muke ajiyewa don gwaji, ya ɗora gyaran a kanta, tunda nan aka nuna masa. Bai daɗe ba ya kira ni da hannu. A ƙaramin allon, manyan haruffan sun cika layi har lambar ƙofa ta tsinke. Ƙofa ta 12 ta koma ƙofa ta 1, domin biyun ta faɗa waje. Da an haɗa haka, mai buɗewa zai tafi farkon kanal ya saki ruwa, masu tumatir na ƙarshe su wuni suna jiran abin da ba zai zo ba.

Ya rubuta abin da ya gani a ƙarƙashin PR ɗin, da hoto, kamar yadda zai yi wa kowa. Kawu ya sa na karanta masa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ka kyauta." Ya gyara, ya sauko da lambar ƙofa layinta ita kaɗai. Aka sake gwadawa a wayoyin biyu, aka ƙara wannan a bayanin gwaji, abokin aikinmu ya amince, aka haɗa. Ishun ya rufe kansa nan take, launinsa ya canza.

Dattawan kwamiti sun zo bayan sallar Juma'a. Komai ya tafi yadda muka zata. Sun zauna a tabarma a inuwar darbejiya, sun yi addu'a mai tsawo, sun yaba masa, ɗayansu har da hawaye. Suka ce lafiya ita ce gaba. Kawu bai jira a tambaya ba, ya zaro makullin babur daga aljihu ya ajiye a gaban shugaban ƙungiya. Shugabancin aikin aka ba abokin aikinmu. Aka ce Kawu ya riƙa zuwa yana ba da shawara, kuma ya yi ta zuwa har damina ta faɗi aka dasa shinkafa. Daga nan zuwan ya fara tsinkewa, domin ko manyan haruffan sun daina yi masa amfani. Rani ɗaya bai cika yana karanta shafin da ya ba da matsayinsa a kansa ba.

Shafin na nan yadda ya bar shi. Wani dattijo mai buɗe ƙofa ya taɓa tsayar da ni a bakin kanal ya ce, tun da aka ƙara girman rubutun ya daina neman mai karanta masa. Na tambaye shi me ya hana shi kawo kuka tun da can. Ya yi murmushi ya ce, wa ke son a ce ya tsufa?

Yanzu Kawu yana gida. Nakan biya in na tashi daga aiki, in same shi a zaure da rediyo a cinya. Yana gane takuna tun daga ƙofa. Yakan tambayi ruwa, wane layi ke samu, wane ke kuka, ko an yashe kanal ɗin da ciyawa ta cinye. Ba mu taɓa tayar da maganar wancan PR ba, sai rana ɗaya da na kasa riƙewa. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Kawu, da na bar shi ya wuce, da kun ƙara ko shekara ɗaya a kan babur ɗin."

"Da na ƙara," ya ce. "Ko in ƙare a cikin kanal." Ya rage muryar rediyon. "Na yi fushi da ke, kada ki ce ban yi ba. Na so a ce ranar kin makance ke ma."

Na ƙara matsowa kusa da shi. Ya laluba har hannunsa ya sami gefen mayafina, ya riƙe.

"Har yanzu kina mayar wa mutane da aikinsu?"

"Ina mayarwa."

"Har da sabon shugaban?"

"Shi ya fi kowa shan mayarwa."

Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, har da tari. Da ta lafa sai ya juyo da fuskarsa wajena, idanun a buɗe, suna kallon gefen kafaɗata.

"Uwata," ya ce, "tashi ki kama hannuna. An kusa kiran la'asar, kuma ban san inda na ajiye takalmina ba."